Kashi 4 a wata ko kashi 30 a shekara: yadda ake auna tsadar rancen ƙaramin banki da ta obadiraf

Idan aka tsayar da ɗan kasuwa a Gummi aka ce masa ga wurare biyu da za su ba shi kuɗin juyawa, ɗaya yana karɓar kashi 4 cikin 100, ɗayan kuma kashi 30, ba zai tsaya dogon tunani ba kafin ya nufi na farko. Ko da an ƙara masa bayani cewa kashi 4 ɗin a wata ne, kashi 30 kuwa a shekara, abin da zai yi shi ne ya ninka huɗu sau goma sha biyu, ya samu 48, ya ce to, akwai bambanci amma bai taka kara ya karya ba. Wannan lissafi ne mai kyau ga wanda ya yi shi da ka a tsaye. Sai dai bai kai ga gaskiyar tazarar ba, domin lambobin nan biyu ba a kan abu ɗaya ake ɗora su ba. Na farko shi ne salon da ƙananan bankuna da dama suke faɗin farashin rancensu, na biyu kuma salon da manyan bankunan kasuwanci suke faɗin farashin abin da ake kira obadiraf. Abin da nake so mu bi a wannan makon shi ne inda tazarar take ɓuya, da dalilin da ya sa nake ganin wanda ya fi kowa talauci shi ne aka fi barin sa cikin duhu game da abin da yake biya.

Me ake nufi da kowannensu

Ƙaramin banki, wanda ma'aikatansa ke kira maikurofainans, banki ne mai lasisin Babban Bankin Najeriya da aka kafa domin mutanen da manyan bankuna ba sa kallo: mai tuyar ƙosai, mai gumin shinkafa, tela, ɗan tireda, mai sayar da kayan miya. Tunanin ya yi suna a duniya ta hannun Muhammad Yunus na ƙasar Bangladesh, wanda ya fara da ranta wa mutanen wani ƙauye ƴan kuɗi kaɗan a 1976, abin ya girma ya zama bankin Grameen a 1983, har ya kai shi ga lambar Nobel a 2006. A Najeriya an bi ta matakai. An yi Bankin Al'umma na gwamnatin tarayya a 1989, aka biyo da bankunan unguwa da na gari a farkon shekarun 1990, sannan a watan Disamba na 2005 Babban Banki ya fitar da manufar da ta haifi ƙananan bankunan da muka sani yau. Wasu na gari ɗaya ne, wasu na jiha, wasu kuma irin su LAPO suna da rassa a faɗin ƙasa.

Rancensu yana da siffar da ba ta cika canzawa ba. Ana ba ka kuɗi dunƙule sau ɗaya, ba masu yawa ba, na ɗan gajeren lokaci, galibi watanni ne ba shekaru ba. Ba a cika neman takardar fili ko ta gida ba. A maimakon jingina, ana neman mutum ɗaya ko biyu su tsaya maka, ko kuma ka shiga ƙungiya ta mutum biyar ko goma waɗanda kowa ya ɗauki alhakin bashin ɗan'uwansa. Biya kuwa yana farawa da wuri, mako-mako ko wata-wata, adadi ƙayyadadde, a rana ƙayyadaddiya. Wanda ya taɓa zubin adashi ya riga ya san yanayin: ranar zubi ba ta san ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba.

Obadiraf wani abu ne dabam. Ba a miƙa maka kuɗi a hannu. Izini ne banki yake ba mai asusun kasuwanci cewa zai iya cire fiye da abin da ke cikin asusunsa, har zuwa wata iyaka da aka amince. Idan iyakar naira 300,000 ce, kana iya cire 50,000 yau, ka mayar jibi, ka cire 200,000 mako mai zuwa, ko kuma ka yi wata guda ba ka taɓa ko kwabo ba. Duk kuɗin cinikin da ya shigo asusun yana rage bashin nan take. Kuɗin ruwa kuma ana lissafa shi ne kullum a kan abin da ake bin ka a ƙarshen wannan ranar, a tara, a cire a ƙarshen wata. Ya yi kama da dillalin hatsi da ya ce maka rumbunsa a buɗe yake gare ka har buhu goma, ka ɗebi abin da kake bukata, lada kuwa a kan abin da ka ɗiba ne da kwanakin da ya yi a hannunka.

Lissafin naira 300,000

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin nawa ne, na zaɓe su ne domin sauƙin lissafi, kowane banki kuma da farashinsa, amma tsarin da za mu gani shi ne ainihin yadda abin yake tafiya. A ce wata mata ce a Gummi mai sana'ar gumi: tana sayen shanshera daga manoman fadama, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta sayar da shinkafa. Ta nemi rancen naira 300,000 na wata shida, aka ce mata ruwa kashi 4 ne a wata.

Kashi 4 na 300,000 shi ne 12,000. A wata shida ya zama 72,000. Aka haɗa da uwar kuɗi, jimilla 372,000, aka raba gida shida: za ta riƙa kawo 62,000 duk wata, 50,000 na uwar kuɗi, 12,000 na ruwa. Har nan babu abin da aka ɓoye, duk yana cikin takarda. To amma mai karatu ya dubi abin da ke hannunta wata bayan wata. A watan farko tana riƙe da 300,000 na banki. Da ta yi biyan farko, saura 250,000. Bayan na biyu, 200,000. Haka zai yi ta sauka har watan ƙarshe, lokacin da kuɗin bankin da ya rage a wurinta 50,000 ne kacal. Amma ruwan bai sauka tare da bashin ba. A watan na shida ma 12,000 za ta biya, kuma 12,000 a kan 50,000 kashi 24 ne, ba kashi 4 ba.

Wannan shi ne abin da ake kira ruwa na bai-ɗaya, wato wanda ake ɗorawa a kan adadin farko daga ranar karɓa har ranar gamawa, kamar ba a taɓa mayar da komai ba. Idan aka tara abin da ta riƙe a watanni shidan aka raba, za a ga cewa a matsakaici naira 175,000 ce take hannunta, ba 300,000 ba. Biyan 12,000 a kan 175,000 ya kusa kashi 7 a wata, lissafin da ya fi tsanaki kuma yana ba da kimanin 6 da rabi. Da a ce a kan ragowar bashi ake lissafa kashi 4 ɗin, da ruwan zai tashi daga 12,000 ya koma 10,000, sannan 8,000, har ya sauka zuwa 2,000, jimillarsa 42,000. Naira 30,000 ke nan tsakanin hanyoyin lissafi biyu, alhali dukansu suna amsa sunan "kashi 4 a wata".

Ba a nan abin ya tsaya ba. A ranar da za a saki kuɗin, sau da yawa akan cire wasu abubuwa tun kafin su shiga hannu. A ce an cire kashi 1 na kula da rance da kashi 1 na inshora, 6,000 ke nan. A ce kuma sharaɗi ne ta bar kashi 10 a asusunta na ajiya har sai ta gama biya, wato 30,000. Kuɗinta ne, za a mayar mata a ƙarshe, amma ba za ta sayi shanshera da su ba a tsawon watanni shidan, kuma ana lissafa mata ruwa a kansu kamar suna hannunta. Abin da za ta fita da shi daga banki 264,000 ne. Abin da rancen zai ci mata gaba ɗaya kuwa 78,000 ne. Idan aka auna wannan da kuɗin da ta iya juyawa da gaske da lokacin da ta riƙe su, farashin ya kai kusan kashi 8 da rabi a wata, fiye da ninki biyu na abin da aka faɗa mata. A shekara ya ɗan haura kashi 100.

Yanzu mu ba wani ɗan kasuwa obadiraf mai iyakar 300,000 a kan kashi 30 a shekara. Ban zaɓi lambar da ka ba: a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, kuma bankunan kasuwanci a samansa suke ɗora nasu ga ƙaramin mai karɓar bashi. Kashi 30 a shekara shi ne kashi 2 da rabi a wata. Idan mutumin ya cire 300,000 gaba ɗaya ya riƙa mayar da 50,000 duk wata, daidai da yadda mai gumi take yi, ruwan da zai biya a wata shida 26,250 ne. A ƙara kashi 1 na kula da rance, 3,000, ya zama 29,250. Ita 78,000, shi 29,250, a kan kuɗi ɗaya da lokaci ɗaya. Wanda ya kwatanta 48 da 30 zai yi tsammanin ta fi shi biya da kamar rabi. Ta biya fiye da ninki biyu da rabi na abin da ya biya.

Kuma ainihin amfanin obadiraf ba a wannan salon yake ba. Riƙe 300,000 na kwana ɗaya a kan kashi 30 a shekara yana cin kimanin naira 247. Ɗan kasuwar da ya cire kuɗin ya sayi buhunan gero a kasuwar ƙauye, ya loda zuwa Gusau ko Sakkwato, ya sayar, kuɗin suka dawo asusu cikin kwana goma, abin da zai biya bai kai 2,500 ba. Sauran kwanakin da asusun yake da kuɗi, ba a bin sa ruwa. Mai rancen ƙaramin banki ba ta da wannan damar. Ko kuɗin suna aiki, ko suna kwance a ƙarƙashin katifa saboda damina ta hana shanya, 12,000 ɗin nan yana nan. Idan ma ta samu hali ta so ta biya duka a wata na uku, ba kowane banki ne zai yafe mata ruwan watannin da suka rage ba, sai in an rubuta haka tun farko.

Me ya sa na talaka ya fi tsada

Abu mafi sauƙi shi ne a ce zalunci ne kawai, a rufe magana. Ban yarda cewa wannan ya bayyana komai ba. Bashi kowane iri yana da ɗawainiyar da ba ta raguwa don kuɗin sun yi kaɗan. Sai an tura ma'aikaci ya ga shago, ya gana da masu tsayawa, ya cika takardu, ya riƙa komawa karɓar biya. A ce wannan duka ya ci naira 10,000. A kan bashin miliyan 10, wannan ɗigo ne a cikin gulbi. A kan bashin 100,000, kashi 10 ne tun ba a yi maganar riba ba. Ga shi kuma ƙaramin banki ba ya samun kuɗi da araha kamar babba, wanda ke riƙe da albashin ma'aikata da asusun kamfanoni kusan kyauta. Shi sau da yawa ranto kuɗin yake yi, ko ya biya masu ajiya riba mai tsoka kafin su yarda su ajiye. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, ma'ana duk wanda ya ba da bashi ƙasa da haka a wannan shekarar, kuɗin da aka dawo masa da su ba su sayi abin da na farko suka saya ba. Sannan babu jingina: idan mutum biyu cikin ashirin suka kasa biya, sauran goma sha takwas ne ke ɗauke asarar a cikin farashin da ake caje su.

A yammacin Zamfara kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana ƙara nauyi. Ma'aikacin da zai bar garin Anka ya nufi Bagega, ko ya bar Bukkuyum ya shiga ƙauyukan da ke bayanta domin karɓar biyan mako, ba kuɗin mai kaɗai yake lissafawa ba. Ƙananan bankuna kansu ba duka ke rayuwa ba: a watan Mayu na 2023 Babban Banki ya soke lasisin guda 179 a faɗin ƙasa. Sana'ar da ake samun ƙazamar riba cikin sauƙi ba ta yin irin wannan mutuwar.

Don haka ba tsadar ce babban abin da nake tuhuma ba. Abin da nake tuhuma shi ne faɗin farashi ta hanyar da ke sa ya yi kama da rabin abin da yake. Mai sayar da hatsi yana da ƴancin ya tsauwala, mai saye ya taya ko ya wuce. Abin da kasuwa ba ta yafewa shi ne a ce tiya ce alhali an dasa mata gindi. Ruwa na bai-ɗaya ba ƙarya ba ne a takarda, amma a kunnen wanda bai saba da lissafin banki ba, aikin da yake yi ke nan.

Ramin da ke cikin obadiraf

Kada mai karatu ya ɗauka cewa shawarar ita ce kowa ya tafi neman obadiraf. Da farko ma, ba kowa ake ba ba. Banki yana so ya ga asusun kasuwanci da kuɗi suka daɗe suna shiga suna fita, watanni da dama a jere, sau da yawa da rajistar kasuwanci, kuma in adadin ya yi yawa, da jingina mai takarda. Wanda cinikinsa duka na tsabar kuɗi ne, daga aljihu zuwa aljihu, ba shi da tarihin da zai nuna, ko da ya fi mai kanti a Gusau juya kuɗi. Mai gumin da muka yi misali da ita ba zaɓa ta yi tsakanin 78,000 da 29,250 ba. Zaɓinta yana tsakanin 78,000 da bashin ɗan kasuwar da zai ba ta shanshera a kan farashin da ya ga dama, ko kuma zama haka nan.

Na biyu, sauƙinsa shi ne haɗarinsa. Tun da babu ranar da aka ce lallai ka kawo 50,000, mutum yana iya cire iyakar gaba ɗaya ya zauna a kanta. Ruwan da ba a biya ba a ƙarshen wata yana hawa kan bashin, wata mai zuwa shi ma a lissafa masa ruwa. Wanda ya riƙe 300,000 na wata shida bai mayar da komai ba, ruwansa zai kusa 48,000, kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Da ma ruwan watan farko kaɗai ya isa ya tura shi sama da iyakar da aka yarje masa, inda tara take jira. Ita mai gumi, duk tsadar da ta sha, ranar da ta yi biya na shida ta fita daga bashi. Shi kuwa yana iya shekara uku a ciki yana ganin kamar kuɗinsa ne. Alamar da ake gane wannan ciwon da ita ɗaya ce: a duba bayanan asusu na wata uku ko shida, in babu ko rana ɗaya da asusun ya fita daga bashi, to obadiraf ɗin ya daina zama gadar tsallake ƴan kwanaki, ya zama jarin aro na dindindin. Kuma irin wannan izini yawanci na shekara ɗaya ne, sai an sabunta, da sabon kuɗin kula da rance, banki kuma yana da ikon ya rage shi ko ya nemi kuɗinsa. Ya fi yin hakan a daidai lokacin da kasuwa ta lalace, wato lokacin da mai asusun ya fi bukatarsa.

Sana'ar da ta dace da wadda ba ta dace ba

A ganina tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce ko lokacin biya ya yi daidai da lokacin da sana'a take kawo kuɗi. Mu koma ga mai gumi. A ce tana juya 264,000 ɗin sau ɗaya a mako, tana samun ribar kashi 5 a kowane juyi. Wannan 13,200 ne a mako, kusan 53,000 a wata. Rancen yana cin ta 13,000 a wata. Ta ci riba, kuma riba mai kyau, duk da farashin da ya haura kashi 100 a shekara. Wannan ne sirrin da ya sa irin wannan rance yake rayuwa: ƙaramin jari mai saurin juyawa yana iya ɗaukar ruwan da zai kashe babban kamfani. Amma a lura, abin da za ta kai banki 62,000 ne, ya fi ribar watan, kuma daga ribar nan ake cefane. Dole jarin da take juyawa ya riƙa raguwa wata bayan wata, ribar ma ta bi shi. Shi ya sa mata da yawa, da sun gama biya, sai su tarar hannunsu ya koma kusan yadda yake, su sake karɓar wani. Ba lalaci ba ne, tsarin biyan ne ya gaji haka.

Yanzu a ba da wannan rancen ga manomi a Bukkuyum da zai sayi taki a farkon damina, ko ga mai kiwon raguna domin Babbar Salla, ko ga wanda zai sayi masara da kaka ya ajiye sai bazara. Babu ɗayansu da zai ga kwabo kafin wata huɗu ko biyar, amma biyan farko yana jiran sa bayan kwana talatin. Daga ina zai fito? Daga cikin kuɗin rancen kansa, ko daga sayar da akuya, ko daga wani sabon bashi. Mai ajiyar hatsi kuma sai farashi ya tashi da kusan kashi 30 kafin ya mayar da 78,000 a kan 264,000, ban da kuɗin buhu da magani da dako. Shekarun da aka saba ganin hatsi yana ninkawa sun sa mutane sun ɗauka doka ce. A 2025 farashin ya faɗi, waɗanda suka ajiye da kuɗin aro suka kwana ciki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin lissafin kowa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a garin Gummi. A irin wannan hali mai obadiraf ruwa ne kawai yake taruwa a kansa, ƴan ɗaruruwa a rana. Mai rancen ƙayyadadden biya kuwa ranar biya tana zuwa ta same shi babu ciniki, tara ta hau, in kuma a ƙungiya yake, maƙwabtansa ne za a nema. Tsarin ƙungiya an gina shi ne a kan zaton cewa mutum ɗaya ne zai gaza, sauran su tallafe shi. Ba a gina shi domin ranar da ƙauye guda zai kwashe kayansa ya koma Anka gudun hijira ba. Guduwa daga bashin ma ta yi wuya fiye da da, domin tun daga 2020 akwai tsarin da ya ba mai ba da rance damar cire kuɗinsa daga wasu asusun mai bashi da ke ɗaure da lambarsa ta BVN, idan ya sa hannu a kan haka lokacin karɓa. Mutane da dama suna sa hannun ba su san da wannan sharaɗi ba.

Maganar riba, da abin da ya kamata a tambaya

Ba zai yiwu a yi wannan zance a jihar da ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999 a tsallake hukuncin kuɗin ruwa ba. Ga mafi yawan masu karanta wannan, rancen nan biyu duka riba ce, hukuncinta kuma sananne ne, malamai sun fi ni bayaninsa. Akwai hanyoyin da ba na ruwa ba, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu suka biyo baya, har da ƙananan bankuna masu bin wannan tsari. Wanda aka fi amfani da shi shi ne murabaha: banki ya sayi kayan da kake bukata, ya sayar maka da ƙarin riba sananniya, ka biya a hankali. Yana da fa'idar da ta shafi batunmu kai-tsaye, domin farashin a dunƙule ake faɗin sa, kuma ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla ciniki. Amma halacci ba ya nufin araha. Idan aka sayar maka da kayan 300,000 a kan 372,000, biya cikin wata shida, nauyin da ke kan sana'arka daidai yake da na misalinmu na farko. Shi ma sai an auna.

Awon kuwa ba ya bukatar sanin kashi-kashi. Kafin a sa hannu, mutum ya nemi a rubuta masa, da naira, nawa zai fita da shi a hannu bayan an cire duk abin da za a cire, da kuma nawa zai biya gaba ɗaya daga farko har ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, bayan an ware ajiyar da za a mayar masa, ita ce farashin. Sai ya tambaya ko ruwan a kan adadin farko ne ko a kan ragowar bashi, da abin da zai faru idan ya biya da wuri, da abin da zai faru idan ya makara da mako ɗaya. Ma'aikacin da ya amsa tambayar "nawa zan biya duka" da cewa "ai kashi 4 ne kawai" bai amsa ba, a sake tambayar sa.

Ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna da Babban Banki ya fitar a 2019 sun wajabta wa mai ba da rance ya bayyana sharuɗɗa da cajin da ke ciki kafin a ƙulla yarjejeniya. Amma bayanin da aka yi da Turanci, cikin ƙananan haruffa, ga matar da karatunta na allo ne, sauke nauyi ne a takarda kawai. Abin da nake ganin ya kamata a tilasta wa duk mai ba da rance a Gummi, Anka da Bukkuyum shi ne rabin shafi da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da abin da za a karɓa a hannu, da abin da za a biya duka, da ranakun biya ɗaya bayan ɗaya tare da ragowar bashi a gaban kowace rana. Da mai gumi za ta ga layin ƙarshe na irin wannan takarda, inda aka rubuta ragowar bashi 50,000, ruwa 12,000, da ita da kanta za ta tambayi dalili, kuma bankin da ke ƙofa ta gaba zai samu abin da zai yi gasa a kansa.